Sharhi: ƙaramar firintar waifai marar allo, da wahalar haɗa ta da sabuwar rawuta

Firintar da nake magana a kai ƙaramar leza ce mai buga baƙi da fari, ba ta da allo, sai maɓallai uku da 'yar fitila shuɗiya ta waifai. Wajen bugu ba ni da ƙorafi. Rubutu yana fita tsaf, hodar tana daɗewa, takarda ba ta cika maƙalewa ba. Halinta na gaskiya sai ranar da aka canza rawuta ake ganinsa, kuma a kan wannan zan yi mata hukunci.

Abin da take riƙewa a kanta biyu ne: sunan waifai da kalmar sirrinsa. Da zarar ɗaya ya canza, sai ta yi ta neman tsohon, fitilar tana ƙyaftawa, kwamfuta kuma ta rubuta Offline. Waya za ta tambaye ka sabuwar kalmar sirri. Ita ba ta da bakin tambaya, ba ta da inda za ka rubuta mata.

Littafinta ya ce a yi amfani da WPS: ka danna maɓallin a jikin rawuta, ka danna na firinta kafin minti 2 su cika, su gaisa da kansu. A sabuwar rawutar shagonmu hakan bai yi aiki ba, kuma dalilin yana cikin saitin rawutar. Tsaronta yana kan WPA3, wanda ba ya tafiya da WPS. Bayan haka ta haɗe layin 2.4 GHz da na 5 GHz ƙarƙashin suna ɗaya, firintar kuwa, kamar yawancin masu arha, 2.4 kaɗai take ji. Na shiga shafin rawuta ta burauza, na mayar da tsaro zuwa WPA2, na raba layukan biyu kowanne da sunansa. Sannan na danne maɓallin waifai na firinta har ta manta tsohon saiti, na sa wayata a kan 2.4, na tura mata sabuwar kalmar sirri ta manhajar kamfanin. Fitila ta tsaya cak.

A nan ne mutane da yawa ke ɗauka an gama, alhali rabi aka yi. Daga waya tana bugawa, daga kwamfuta har yanzu Offline. Yaron shagon har ya fara cewa, “Oga, ko dai ta ƙone ne?”

Lafiyarta ƙalau, adireshi ta canza. Tsohuwar rawuta tana raba adireshin da ke farawa da 192.168.0, sabuwar kuma 192.168.8. Na sa firintar ta buga takardar bayanin saitinta, sai ga 192.168.8.103, kwamfuta kuwa tana ta aika aiki zuwa 192.168.0.105, kamar mai kai wasiƙa gidan da aka tashi. Kafin in taɓa komai na gwada daga Command Prompt, wurin rubuta umarni a kwamfuta, ko firintar za ta amsa:

```
ping 192.168.8.103
```

Amsa ta dawo, wato hanya a buɗe take. Sai na shiga Printer properties, na buɗe Ports, na danna Add Port, na zaɓi Standard TCP/IP Port, na rubuta sabon adireshin. Nan take duk ayyukan da suka taru a layi suka fara fitowa, har da takarda ɗaya da aka tura sau da yawa don haushi. A goge layin tukuna, a ceci takarda. Idan kuma takardar saitin ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, firintar ba ta samu adireshi daga rawuta ba ke nan, sai a koma matakin haɗa ta da waifai.

Da yake wuta tana yawan ɗaukewa, kuma bayan kashewa da kunnawa rawuta tana iya ba ta wani adireshin, na shiga DHCP, sashen rawuta mai raba adireshi, na keɓe wa firintar wannan lamba dindindin.

Akwai gajeriyar hanya da littafin bai ko ambata ba. Idan rawuta kawai aka canza, a ba sabuwar ainihin sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi, babba da ƙarami, tsaro a kan WPA2. Firinta da wayoyi za su hau da kansu, sai gyaran adireshi a kwamfuta in ya canza. Amma wanda ya canza kalmar sirri don maƙwabta sun shanye masa data, wannan dabara ba tasa ba ce.

Ga gidan da rawuta ɗaya za ta shekara ba a taɓa ta ba, firintar ta ci kuɗinta. Mai shago da ke yawan canza kamfanin intanet ko kalmar sirri, gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai ɗan allo da zai rubuta kalmar kai tsaye, ko mai ramin Ethernet da zai jona da rawuta ta igiya, wadda canjin kalmar sirri ba ya shafarta.