Tolget ko ratse: yadda ake lissafin hanyar Keffi zuwa Makurɗi kafin a tada mota

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta fara karɓar kuɗi a tagwayen hanyar da ta tashi daga Keffi ta bi ta Akwanga da Lafiya ta sauka Makurɗi, sama da shekara 20 bayan gwamnatin Obasanjo ta rushe tolget a hanyoyin tarayya. Tsawon hanyar kilomita 220 ne da 'yan kai, an gina ta da bashin bankin Exim na ƙasar Sin, kuma ƙofofin biya huɗu aka tsara mata: ɓangaren Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi. Farashin da aka sanar lokacin buɗewa, a kowace ƙofa, naira 500 ne ga ƙaramar mota, 800 ga jif, 1,000 ga ƙaramar bas, 1,600 ga manyan motoci. Ƙaramar motar da ta bi hanyar daga farko har ƙarshe za ta biya naira 2,000 ke nan, jif 3,200, tirela 6,400. Farashi irin wannan yakan canza, saboda haka ka duba allon ƙofa ka sa sabon adadin a lissafin da ke tafe.

Yawancin direbobi kuɗin ƙofa kawai suke gani, domin shi ne ke fita daga aljihu a idon mutum. Amma a cikin abubuwan da tafiya ke ci, shi ne mafi ƙanƙanta. Hanyar gane haka ita ce ka mayar da kuɗin ƙofar zuwa kilomita.

Ka fara sanin abin da motarka ke sha. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta lambar mitar tafiya, yi tafiyarka, sake cikawa har famfo ya tsaya. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da motar ta sha a wannan tazarar. Kada ka dogara da allurar mai, ba ta sauka daidai wa daida. Mu ɗauka ƙaramar mota mai shan lita 10 a kilomita 100, mu kuma ɗauka litar fetur naira 900 ce. Kowace kilomita tana cin naira 90. Naira 500 ta ƙofa guda daidai take da man kilomita biyar da rabi. Ma'ana, duk ratsen da zai ƙara maka fiye da kilomita biyar da rabi don kauce wa ƙofa ɗaya, ka riga ka faɗi tun ba a zo maganar lokaci ba. Ƙofofin huɗu gaba ɗaya man kilomita 22 ne.

Ga babbar mota tazarar ta fi haka gajarta. A ce tirela da kaya tana shan lita 40 na gas a kilomita 100, lita kuma naira 1,100. Kilomita guda naira 440 ke nan, don haka naira 1,600 ta ƙofa ba ta kai man kilomita huɗu ba. Direban tirela da ya saki kwalta ya shiga burji don gudun tolget, mai motar yake yi wa asara.

Wanda Makurɗi ya nufa, ko Gboko da abin da ke bayanta, kusan ba shi da wata muhawara. Hanyar kyauta ta kwalta da zai iya bi daga Keffi ita ce ta garin Nasarawa zuwa Loko, ya haye Kogin Binuwai ta gadar Loko da Oweto, ya gangara Otukpo, sannan ya juyo arewa ta Aliade. Daga Otukpo zuwa Makurɗi kaɗai wajen kilomita 100 ne. Zagaye ne babba, ya ninka kilomita 22 ɗin nan sau da yawa. Ka biya kuɗin ƙofa ka wuce.

Inda lissafi yake da daɗi shi ne ga mai zuwa Otukpo, ko mai wucewa Enugu da sauran garuruwan gabas. Nan hanyar kyauta ce ta fi gajarta, abin da ya sa aka gina gadar Loko da Oweto ke nan, wadda aka ƙaddamar a 2023. Mai bin ta yakan rabu da babbar hanya tun daga Keffi, kafin ya kai tolget ɗin Garaku da ke tsakanin Keffi da Akwanga. Sai dai falan ɗaya ce, tana ratsa ƙauyuka, kuma halin kwaltarta yana sauyawa daga damina zuwa damina. Bari mu yi misali da adadi zagayayye, kai kuma ka maye gurbinsu da abin da mitar motarka ta nuna. A ce ta Makurɗi kilomita 320 ce daga Keffi zuwa Otukpo, ta Loko kuma 240.

Ta Makurɗi, idan matsakaicin gudunka kilomita 75 ne a awa, za ka yi awa huɗu da minti 16. Mai lita 32, naira 28,800, ga tolget 2,000, jimla 30,800. Ta Loko, idan hanya na da kyau har kana iya riƙe 60 a awa, awa huɗu cif, lita 24, naira 21,600. A irin wannan rana hanyar kyauta ta yi nasara ta kowace fuska: ta fi sauri da minti 16, ta fi araha da naira 9,200, kuma yawancin rarar daga mai ta fito, ba daga tolget ba.

To amma bari ramuka su yi yawa, gudu ya faɗo 45 a awa. Tafiyar ta koma awa biyar da minti 20. Shan mai ma ya tashi, domin kana taka birki kana komawa giya ta biyu da ta uku, kuma tada mota daga sannu shi ke zuƙe tanki. A ce ta koma lita 12 a kilomita 100: kusan lita 29, naira 25,900. Rarar ta ragu zuwa wajen naira 4,900, kuma ka ƙara awa guda da 'yan mintoci a hanya. Tambayar da ta rage mai sauƙi ce: za ka sayar da awa ɗaya taka a kan naira 4,900? Wanda ke tafiya ziyara shi kaɗai da safe yana iya cewa e. Mai bas da ke son ya sauke fasinja ya sami lodin dawowa a ranar, ko mai ɗauke da tumatir da zafi ke dafawa, awar nan ta fi masa wannan kuɗi nesa ba kusa ba.

Daga wannan misalin akwai adadi guda da ya kamata ka fitar: gudun da hanyoyin biyu ke yin kunnen doki a lokaci. Raba tsawon hanyar kyauta da awannin hanyar biya, wato 240 a raba da awa huɗu da minti 16, ya ba da wajen 56 a awa. In direbobin tasha da suka bi ta Loko a makon nan sun ce awa huɗu suke yi ko ƙasa da haka, bi ta can. In sun ce biyar zuwa sama, ka san lokaci kake sayarwa. Awa nawa suka yi za ka tambaya, da ƙarfe nawa suka tashi. "Hanya na da kyau?" ba tambaya ba ce, domin abin da mai tsohuwar bas ke kira kyau daban yake da na mai ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa.

A kula, matsakaicin gudu ba shi ne abin da allura ke nunawa a miƙaƙƙen wuri ba. Mutum yakan ga 110 a tagwayen hanya ya ɗauka awa biyu ta ishe shi zuwa Makurɗi. Ga cunkoson Akwanga da Nasarawa Eggon da Lafiya, ga ranar kasuwa, ga shingayen jami'an tsaro, ga layin ƙofa. Minti biyar a kowace ƙofa minti 20 ne; ranar jajiberin sallah ko kirsimeti layin yakan fi haka. An sanar da tsarin a matsayin na biya da kati, don haka ka tabbata akwai kuɗi a katinka kafin ka shiga layi, don kati ɗaya da ya ƙi aiki yana tsayar da kowa a bayansa.

Lalacewar mota ba ta fitowa a lissafin rana guda, shi ya sa ake mantawa da ita. Gargada tana cin shokazoba da boljoyin a hankali, tana karkatar da saitin ƙafafu har taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Alamarta, sitiyari ya riƙa ja gefe, ko ka ji ƙwanƙwasa a ƙasa in ka hau tudu. Rami ɗaya mai kaifin baki da aka faɗa da gudu yana kumbura gefen taya, kuma kumburin gefe ba ya facuwa, sai sabuwa. Kuɗin taya guda ya haɗiye rarar tafiye-tafiye da yawa. Mai bin hanyar kyauta a kai a kai ya kamata ya duba abin da ya kashe wurin bakanike da mai faci a wata shida, ya raba da kilomitar da ya yi, ya ɗora a kan naira 90 ɗin nan.

Sai maganar dare. Ƙarin awa guda da safe ba komai ba ne, amma in ita ce za ta sa magariba ta riske ka a hanya falan ɗaya mai ƙarancin motoci da gidajen mai, to kada ma ka tsaya lissafi. Wanda ya bar Keffi bayan azahar, hanyar Makurɗi ta fi masa.

Akwai wanda tolget ke ciza da gaske: mai ƙetare ƙofa ɗaya kullum, kamar ma'aikacin da ke zaune a gari guda yana aiki a na gaba. Naira 500 zuwa, 500 dawowa, kwana 22 na aiki, naira 22,000 ke nan a wata, alhali ɗan guntun hanyar kawai yake mora. Ko shi ma ƙa'idar kilomita biyar da rabi tana kansa, kuma ratse ta cikin ƙauye kullum shi ne mafi saurin kashe ƙafafun mota. Abin da ya fi rage masa nauyi shi ne haɗa mota: mutum huɗu a mota ɗaya, kowa naira 5,500 a wata, ban da rabon mai. Sanarwar farko ta ba ƙananan motocin haya masu yawan bin hanyar rangwamen rabin kuɗi, ta kuma yafe wa babura da keke mai ƙafa uku, saboda haka direban haya ya je ofishin tolget da takardun motarsa ya tambayi yadda ake shiga rangwamen kafin ya ci gaba da biyan cikakken farashi.