Gargaɗi: na biya naira 480,000 a kan takardar firinta

Jama'a, kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Naira 480,000, ban da 12,000 kuɗin mota da na biya aka ɗoro min kayan zuwa tashar Sakkwato. Shekara 14 ina sana'ar firam da gilashi a garin nan, hotunan da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san yawansu, don haka kada wani ya ce min ganganci na yi. Na tambaya, na duba, na sake dubawa, amma duk a waya.

Mutumin da ya sayar min da kayan a intanet na gamu da shi, ya ce kayan mahaifinsa ne da ya rasu suke rabon gado. Cikinsu akwai bugun zane na Bruce Onobrakpeya, dattijon nan da aka haifa a 1932, wanda ya yi karatun zane a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. A ƙasan hoton ta hagu an rubuta 12/50, wato na 12 cikin guda 50 da aka buga, tsakiya sunan aikin, ta dama sa hannu. Haka ƙa'idar take, kuma na san haka take, shi ya sa hankalina ya kwanta.

Na ce ya ɗauko min sa hannun kusa. Ya ɗauko. Na nemo wani hoton wannan aikin a intanet, na ajiye waya biyu gefe da gefe, sa hannun ya yi daidai, har lanƙwasar harafin ƙarshe. A nan na yarda. Wallahi wannan minti shi ke ta dawo min a rai. Ina zaune bakin shago bayan La'asar, ya turo murya yana cewa, "Alhaji, don Allah ka yanke shawara, akwai wani daga Abuja da ya taya." Na tura 300,000 a take. A'a, kafin nan ma sai da na ce ya cire shi daga firam ya nuna min bayan takardar, ya ce tsohon firam ne, yana tsoron ya yage. Ni da nake wannan sana'a na san ana yin ɓarna wajen cire tsohon firam, sai na ga maganarsa da hujja. Cikon 180,000 ranar Laraba na tura, ko Alhamis, yana cikin rasit, zan saka shi tare da hotunan hirarmu duka.

Da kayan suka iso na kai wa wani malamin zane da muke mutunci, ba don ina shakka ba, don ya taya ni murna ne. Ya ce, "Alhaji, mu hidda shi daga gilashi tukuna." Muka cire. Ya kashe fitilar ɗakin, ya kunna tocilan waya, ya kwantar da ita a gefen takardar yadda hasken zai bi ta kwance. Shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce in shafa da ɗan yatsana.

Sumul take kamar kalanda.

Ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun farko. Irin wannan bugu, ana cin zanen ne a jikin farantin ƙarfe da ruwan asid, a cusa tawada cikin ramukan, a ɗora takarda mai danshi, a matse su da injin matsi mai ƙarfi. Don haka bakin farantin yakan bar shaida a takardar, wani ɗan kwari mai kusurwa huɗu da ya kewaye hoton, tawadar kuma takan ɗago har yatsa ya ji ta. Aikin wannan dattijo ma an san shi da zurfin tudu da kwari. Nawa akwai layin kewayen, har da 'yar inuwarsa, amma inuwar bugawa aka yi. Malam ya zagaya da tocilan hagu da dama, inuwar tana nan inda take. Ta gaske sai ta bi haske ta sauya gefe.

Sai ya ba ni madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ya ce in dubi sa hannun. Abin da na ɗauka fensir ne, ashe ɗigo-ɗigo ne ƙanana, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, a warwatse, aikin firinta. Fensir na gaske in ka karkata takarda yakan yi ƙyalli kamar dalma, yakan ɗan danna takardar, kuma layinsa a haɗe yake. Ya ce dacewar nan da na gani ita ce ma alamar, domin ba mai sa hannu sau biyu ya fito iri ɗaya sak, gashi da gashi. Hoton da na gwada da shi a intanet, shi ɗin suka kwafa. Abin da kawai aka rubuta da fensir na gaske shi ne 12/50, kuma kowa na iya rubuta lamba. Fensirin naira nawa ne? Ni kuma 480,000.

Takardar ma ta tona asiri. Masu wannan bugu galibi takardar auduga suke amfani da ita, mai kauri da laushi, sau da yawa in ka ɗaga ta a haske za ka ga tambarin kamfani a cikin jikinta, kamar Arches ko Fabriano. Malam ya ce rashin tambari kaɗai ba ya kashe magana, don ana iya yanke gefen da yake. Amma tawa kwali ne mai santsi, gabanta ruwan ƙasa-ƙasa kamar ta tsufa, bayanta fari fat, ga sawun ruwa a kusurwa ɗaya inda abin da suka shafa ya taru ya bushe. Shi ya sa mutumin ya ƙi nuna min baya, shi ya sa duk hotuna bakwai da ya turo ta bayan gilashi ne, kai tsaye daga gaba, da rana tsaka. A irin wannan hoto na gaske da na jabu duk ɗaya suke fitowa, ga WhatsApp na rage ingancin hoto, ɗigon firinta ya narke ya ɓace.

Na manta ban faɗa ba, tun farko ya so ya haɗa min da wani zanen fenti a kan yadi, 250,000. Allah ya tsare, ba ni da su. Jiya na koma na buɗe wannan hoton, na ga sawun burushi ya taso daga kafaɗar mace ya ratsa har cikin sararin sama, bai tsaya inda launi ya tsaya ba. Wani abu mai kauri marar launi aka goga a kan bugu don ya yi tudu.

Na kira shi a gaban malam. Ya ce, "Haba Alhaji, kada ka bari a zuga ka." Na ce ya maido min kuɗina ya karɓi takardarsa. Tun daren nan layin a kashe. Shekaranjiya ƙanena ya gano shafin ya sauya suna, ga hoton nan an sake sakawa, lambar ma 12/50, alhali 12/50 tana jingine a shagona.

In za ku sayi irin wannan daga hoto, ku ce a cire daga gilashi, a yi bidiyo da tocila a kwance, gaba da baya, a turo hotunan ta Document a WhatsApp don kada ingancinsu ya ragu. Wanda ya ƙi, ku riƙe kuɗinku. Na kai ƙorafi banki, na kai wa 'yan sanda rasit biyu, na 300,000 da na 180,000. Hotunan hirar suna wayar ƙanena, da ya dawo daga Bodinga yau da dare zan saka su.