Kibod biyu a hoto: wanne ya dace da mai koyo, kuma nawa ya kamata a biya?

"Jama'a barkanmu da yamma. 'Yata mai shekara 12 ta fara koyon kibod, ina so in saya mata na gida. Ga hotunan guda biyu da aka turo mini a nan Jos, duka na hannu, duka Yamaha. Na farko naira 190,000, ba adafta. Na biyu 150,000 da adafta da ƙafarsa, kuma ya fi tsabta. Ni dai iri ɗaya nake ganinsu. Wanne zan ɗauka, kuma kuɗin ya yi daidai?"

Barka dai ɗan'uwa. Kamar da kake gani ta fuska ce kawai, a ciki ba ajinsu ɗaya ba. Idan ka buɗa hoton farko sosai za ka karanta PSR-E363 a saman fuskarsa. Na biyun hasken kyamara ya haske lambar, amma hoton bayansa ya nuna ajinsa: ramukan da ke wurin su ne SUSTAIN da PHONES/OUTPUT da AUX IN da DC IN, babu ramin nan mai kusurwa huɗu da ake rubuta wa USB TO HOST. A wannan dangin, wanda ba shi da wannan rami na ƙaramin aji ne, wato PSR-E263 ko ƙanensa E273. Ka ce mai shi ya kifa shi ya ɗauko maka hoton takardar da ke manne a ƙarƙashinsa, a nan ake rubuta cikakken suna da lambar siriyal. Mai sayarwa da ya yi ta kwana-kwana a kan wannan hoto ɗaya, ka rabu da shi tun kafin ka kashe kuɗin keke zuwa wurinsa.

Lambobin nan suna da ma'ana, kuma wanda ya gane su ba a cika yi masa rufa-ido ba. Lambar farko bayan harafin E ita ce aji: 2 na ƙasa, 3 na tsakiya, 4 na sama. Ta tsakiya kuma zamani ce. E363 ya fito a 2017, E373 ya gaje shi a 2020, sai E383 a 2024. Saboda haka E273 ya fi E363 sabunta, amma E363 ya fi shi aji, kuma masu sayarwa sukan fake da sabunta su ɗora wa ƙaramin aji kuɗin babba. Idan ka ga YPT-360 ko YPT-260 a cikin kayan Beljiyom kada sunan ya ruɗe ka, tagwayen E363 da E263 ne da aka sayar da wani suna.

Dukansu maɓallai 61 ne, na ƙirga: farare 36, baƙaƙe 25. Hanya mai sauƙi a hoto ita ce ka ƙirga rukunin baƙaƙen, dole a sami masu bibbiyu guda 5 da masu uku-uku guda 5. Wanda ya gaza haka mai 54 ne ko 49, kuma ba ya isar mai koyon hannu biyu.

Babban bambancin yana wurin da hoto ba ya nunawa. E363 yana jin nauyin yatsa: ka danna a hankali ya yi magana ƙasa-ƙasa, ka buga da ƙarfi ya ɗaga murya. E263 da E273 ba su da wannan, kowace dannawa ƙara ɗaya ce. Ga yaron da zai yi wasa da kiɗe-kiɗen da ke ciki, wannan ba damuwa ba ce. Ga yarinyar da ke da malami kuwa, shi ne komai. Ba za a daɗe ba malamin zai ce hannun hagu ya sassauta domin waƙar da ke hannun dama ta fito, kuma a kan kibod mara jin yatsa babu yadda za ta ji ko ta yi daidai. Sai ta saba da bugu iri ɗaya, ranar da aka zaunar da ita gaban fiyano ko babban kibod hannunta ya riƙa fitar da wata nota da ƙarfi wata a shaƙe. Gyara wannan ɗabi'a ya fi koyon ta daidai tun farko wahala.

Sauran bambance-bambancen ba su kai wannan ba. E363 na iya riƙe nota 48 a lokaci guda, ƙaramin 32, kuma sai an taka feda ana kiɗa da rakiyar ganguna sannan ake jin wasu notoci suna yankewa. Ramin USB ɗin na ba ta damar haɗa shi da kwamfuta ko waya nan gaba. Yawan muryoyi kuwa, 574 a E363 da wajen 400 a ɗayan, kada ya ɗauke maka hankali ko kaɗan. Mai koyo fiyano yake amfani da shi, sai ɗan ogan da goge.

Don haka na farkon nake ba ka shawara, da sharaɗin ya tsallake gwaji. Tsabtar na biyu ba hujja ba ce, tsumma da ɗan man goge roba sun isa su sa kowane kibod ƙyalli.

Ga yadda za ka gwada shi, kuma ka tafi da batir ƙanana irin AA guda 6 sababbi, tunda ba shi da adafta, wuta ma ba a dogara da ita. Kafin ka zuba su ka leƙa gidan batirin. Farin gari ko tsatsa mai kore a kan ƙarafan alama ce an bar batir ya fashe a ciki, wani lokaci ruwan yakan gangara har kan allon lantarkin. Sai ka danne farin maɓalli na ƙarshe a hannun dama, ka kunna kibod ɗin kana riƙe da shi. Wannan yana mayar da saitinsa yadda ya fito daga kamfani. Amfaninsa shi ne akwai saitin TouchRes a cikin FUNCTION, idan wani ya mayar da shi Fixed, kibod mai lafiya zai yi kamar ba ya jin yatsa, ka ƙi kaya mai kyau a banza.

Daga nan ka danna PORTABLE GRAND, ka bi maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya sau biyu, zagaye na farko a hankali, na biyu da ƙarfi. Kada ka bar mai kayan ya yi maka gwajin da kansa, domin zai saki ganguna ya zuba kiɗa mai daɗi wanda ke rufe kowace matsala. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai ɗigon baƙi guda biyu da ke taɓa allo ɗaya bayan ɗaya, kuma tazarar lokacin da ke tsakaninsu ce na'urar ke aunawa ta san ƙarfin bugu. Ƙurar hunturun Jos tana shiga nan. Idan ɗigo ɗaya ya yi datti, maɓallin yakan yi ihu da cikakken ƙarfi ko da shafa shi ka yi, ko kuma ya yi shiru gaba ɗaya. Ɗaya ko biyu irin haka ƙaramin aiki ne, mai gyara zai buɗe ya goge, sai dai ka rage kuɗin aikin daga farashi. Abin gudu shi ne matattun maɓallai da ke bin tsari, a ce bayan kowane tazara iri ɗaya sai ka tarar da mara magana tun daga hagu har dama. Wannan ba ƙura ba ce, layi ne ya yanke a allo ko a wayar da ta haɗa shi, gyaransa kuma ba shi da tabbas. Ka ƙarasa da ƙure ƙara ka buga notocin can hagu: sifikar da ta yage za ta yi zizar da ba a ɓoyewa. Ka ari adafta ka jona, ka ɗan motsa kan wayar. Idan sikirin ya ɗauke, ramin wutar ya saki.

Maganar adafta kada ka raina ta. Wannan kibod DC 12V yake sha, tsakiyar filogin ita ce mai alamar tarawa, kuma nasa na asali PA-130 ne ko PA-3C. Adaftar nan ta kowa-da-kowa mai ɗan makunnin juya wuta ta kashe kibod da yawa, domin juyi ɗaya ba daidai ba ya isa. Idan an ba ka wadda ta zo da kayan waje, ka karanta layin INPUT: mai 120V kaɗai ta Amurka ce, tana shiga soket ɗinmu za ta ƙone.

Sai farashi. Kuɗin kayan kiɗa yana bin dala, saboda haka lambar da wani ya saya bara ba ma'auni ba ce. Ka zaga shaguna biyu ko uku a wajen Taminus ka tambayi kuɗin sabo a kwali na ajin da kake so, wato E383 ko E373, a ranar da za ka yi ciniki. A ganina, na hannu mai lafiya da ya tsufa da zamani biyu bai kamata ya wuce kashi 45 zuwa 55 cikin 100 na kuɗin sabon ba, kuma wannan da adaftarsa da majinginin littafi. Mu ɗauka a misali an ce maka sabon 360,000 ne. Ma'auninka zai faɗa tsakanin 162,000 da 198,000. Kuɗin da aka sa wa na farkon yana cikin wannan, amma yana can sama, alhali ba adafta. A ce ta kirki 15,000 ce, kuma a hoton ban ga majinginin littafi ba, ga ƙafa da za ka saya daban. To ka taya 150,000, idan an ce albarka ka hau a hankali, ka tsaya a 170,000 in duk maɓallan sun amsa. Idan akwai masu ihu, kowanne dalilin ragi ne.

Na biyun da ma'auninsa za a auna shi, wato sabon E283, ba sabon ajin 3 ba. A ce shi 240,000 ne, rabinsa 120,000, ka ɗora ɗan abin da ƙafar ta ci, ba zai wuce 135,000 ba. Idan takardar ƙarƙashin ta nuna E273 ne, ana iya ɗan ƙarawa. Idan E263 ne, 150,000 ta yi yawa ƙwarai. Kuma ka lissafa cewa adafta da ƙafar da ke sa shi ya yi kama da garaɓasa abubuwa ne da ake saye a kowane lokaci, jin yatsa kuwa ba a ƙara wa kibod shi daga baya.

Idan nisa ya hana ka zuwa da kanka, kada ka tura ko kwabo a kan hoto. Ka nemi bidiyo ɗaya mara yankewa da zai fara daga takardar siriyal, a juyo da kibod ɗin, a kunna, a bi maɓallan duka a hankali sannan da ƙarfi, ba tare da ganguna ba. Ranar karɓa kuma ka sa wanda zai karɓo ya duba cewa lambar siriyal ɗin ita ce ta cikin bidiyon.