Sharhi: yadda WhatsApp Business da Google Contacts suka yi mini wajen tara lambobin masu saye

Ina sayar da kilishi da cuku daga Tawa, ina aikawa Yamai da Ƙonni da Maraɗi a motocin tasha. Yawancin waɗanda suka san ni a Facebook da TikTok suka san ni. Mabiyana sun kai wasu dubbai, amma in aka tambaye ni lambar mutum ɗaya daga cikinsu, sai dai in yi shiru, domin dandalin ba ya ba ka lambar kowa. Suna kawai kake gani, kuma shi yake zaɓar wa zai ga abin da ka saka yau. Shi ya sa tun bara na fara jawo mutane zuwa salulata da WhatsApp Business, ina ajiye lambobinsu a Google Contacts. Duka biyun kyauta ne, mega kaɗai suke ci. Wannan sharhin na mai ƙaramar sana'a ne irina, wanda salula ɗaya ce ofis ɗinsa.

Na fara da tunanin adireshin imel, na gwada fom na Google Forms, na bar shi da wuri. Masu sayena suna da Gmail saboda wayar Android ta nema, amma ba sa buɗe shi, wasu ma mai gyaran waya ne ya buɗe musu, ba su san adireshin ba. Da yawa kuma sun fi son saƙon murya a kan rubutu. A nan lambar waya ce adireshin mutum. Da ita ake kiransa, da ita direba yake sanar da shi kaya sun iso tasha.

Ƙofar shiga ita ce mahaɗin wa.me. Ana rubuta lambar ƙasa 227 haɗe da lambobi takwas ɗinka, ba alamar +, ba tazara:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX?text=Salam%20ku%20sa%20ni%20cikin%20jeri
```

Abin da ke bayan `text=` shi ne saƙon da zai fito wa mutum a rubuce, `%20` kuma tazara ce tsakanin kalmomi. Wanda ya taɓa mahaɗin, hira da kai za ta buɗe, aikawa kawai zai yi. Wannan ƙaramin abu ya burge ni ƙwarai, saboda wanda bai iya rubutun boko ba ma yana iya shigowa, kuma shi ne ya fara yi maka magana, ba kai ka afka masa ba. Na sa mahaɗin a bayanin shafina na Facebook, a bidiyo kuma ina faɗin lambar da baki, ina rubuta ta a kan hoton.

Sai dai mutum ba ya ba da lambarsa haka kawai. "Ku tuntuɓe mu" ba ta kawo kowa. Abin da ya kawo mutane shi ne alkawari guda wanda suke buƙata: duk ranar da sabon cuku ya iso daga wajen Abalak, waɗanda ke cikin jeri su ne za su fara ji, da farashin ranar, kafin in saka a Facebook. Cuku mai kyau ba ya daɗewa a hannu, musamman gab da azumi, don haka jin labari da wuri yana da daraja a wurinsu.

Daga nan ne aikin gaskiya yake, kuma a nan nake so in tsaya sosai. WhatsApp yana da hanyar aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa, kowa ya samu nasa kamar shi kaɗai aka aika wa. A salular da ke Faransanci sunanta Nouvelle diffusion. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, in sun wuce haka sai ka buɗe na biyu. Amma akwai sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba: saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a cikin wayarsa. Kai ka ajiye tasa bai wadatar ba. Kana iya tara lamba ɗari biyu, ka aika, ka zauna kana jiran ciniki, alhali wani kaso mai yawa bai ga komai ba. Haka ma abin da ake sakawa a Statut, sai kowannenku ya ajiye lambar ɗan'uwansa.

Yadda ake ganewa ba wuya. Bayan ka aika, ka bari a kwana, sannan ka danne saƙon ka duba bayaninsa. Za ka ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka karanta. Wanda bai isa gare shi ba, ko dai ba shi da mega, ko bai ajiye ka ba. Don ka raba biyun, aika masa gaisuwa kai tsaye a hirarku. In gaisuwar ta sami maki biyu, na jerin kuma har yanzu bai isa ba, to lambarka ba ta cikin wayarsa.

Wata Hajiya a Yamai, mai saye da yawa don baƙinta, ta kira ni kwanakin baya da ɗan fushi. Ta ce, "Malam, ka ce za mu fara ji, ga shi sai a Facebook na gani har ya ƙare." Na duba, sunanta na cikin jerin, saƙon bai shiga ba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki duba ko kin ajiye lambata." Ashe ta sauya salula, ɗanta ya kwashe mata hirarraki amma sunayen da ke tsohuwar wayar ba su biyo ba. Ta ajiye lambar, saƙo na gaba ya same ta. Irin wannan yana yawan faruwa da masu sauya waya, shi ya sa duba bayanin saƙo ya zama mini aikin kowane wata.

Maganin da ya yi mini aiki shi ne Message d'accueil, saƙon da ke tafiya da kansa ga duk wanda ya fara yi maka magana. Nawa gajere ne: barka da zuwa, ka ajiye wannan lambar da sunan kantina, ka faɗa mini sunanka da garinka, zan riƙa aiko da labarin kaya sau ɗaya a mako, in ba ka so ka ce "a cire ni". Wanda na ga da murya yake amsawa, sai in maimaita masa da murya. Sai ya ce ya ajiye nake saka shi a jeri.

Ajiyar sunan ma da tsarinta. Ina fara kowane suna da harafi ɗaya da gari, misali K Yamai sannan sunan mutum, don kada su cakuɗe da dangi. Ina rubuta lambar da +227 a gaba, domin muna da ƴan cirani da yawa a Abijan da Libiya da Najeriya masu sayen kilishi su ce a kai wa iyayensu a gida, kuma tasu lambar ƙasar daban ce. Mafi muhimmanci, wajen ajiyewa ina zaɓar asusun Google, ban da sim, ban da ƙwaƙwalwar salula. Sim yana cika da wuri, kuma abin da ke kan salula yana tafiya tare da ita in ta faɗa ruwa ko ta ɓata a kasuwa.

Étiquettes, wato alamomin launi da ake liƙa wa hira, suna da amfani wajen raba masu sari da masu sayen ɗan kaɗan, ko wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Amma a cikin WhatsApp suke zaune, ba sa bin lambar zuwa Google. Duk bayanin da ba na so in rasa, a cikin sunan ko a wurin ƙarin bayani na Google Contacts nake rubuta shi.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna da masu cewa sun mallaki masu sayensu tunda sun kwaso su daga Facebook zuwa WhatsApp. Gida ɗaya ne, na kamfanin Meta. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun tsaya tare na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Kuma WhatsApp yana rufe lambar da mutane suka yawaita toshewa ko kai ƙara. Wanda yake da lambobin a wani wuri dabam yana iya kira, ko ya aika gajeren saƙo ta Airtel ko Moov ko Zamani. Saboda haka ƙarshen kowane wata nake shiga contacts.google.com, in bi ta Fusionner et corriger don haɗe sunayen da suka maimaitu, sannan in danna Exporter. Ina fitar da vCard, wanda yawancin salula suke karɓa, da kuma Google CSV da ake buɗewa kamar jadawali. Kwafi ɗaya yana kan katin ajiya a gida. Wanda zai buɗe CSV ɗin a Excel ko Sheets ya kula, suna iya ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi su cinye alamar +, don haka a mai da layin lambobin rubutu zalla, asalin fayil ɗin kuma a bar shi yadda ya fito.

Rukuni da Chaîne, wato tashar WhatsApp da mabiya ke karanta abin da mai ita ya saka, ban ba da shawarar su ba don wannan aiki. A rukuni kowa yana ganin lambar kowa, kuma yawancin masu sayena matan aure ne, ba zan buɗe lambarsu ga baƙi ba. A Chaîne kuwa mai ita ba ya samun lambobin mabiyansa, an koma gidan jiya ke nan. Lambar da aka ba ka amana ce. Nijar tana da doka kan kare bayanan mutane, amma ko ba doka, ba na sayar da jerina, ba na ara wa abokin sana'a, wanda ya ce a cire shi kuma a ranar nake cire shi. Masu tallan lambobi dubu a kan ƴan jakkuna su ma a guje su: waɗannan mutanen ba su ajiye ka ba, saƙon jeri ba zai isa gare su ba, in ka bi su ɗaya-ɗaya kuma toshewa za ka sha har WhatsApp ya rufe lambarka.

Gajiyar tsarin a fili take. Da hannu ake komai, WhatsApp Business ba shi da maɓallin da zai fitar maka da lambobin da suka yi maka magana, kuma in ka bar sababbin shigowa suka taru na kwana biyu sai ka rasa wane ne wane. Ni bayan sallar isha'i nake zama in ajiye na ranar. A cikin dubban mabiyana ɗaruruwa kaɗan ne suka shigo, amma kusan duk cinikin mako daga cikinsu yake fitowa. Ga mai jeri ɗaya ko biyu ko uku, haɗin nan ya wadatar. Wanda jerinsa ya haura dubu, ko yake da yara biyu uku masu amsa saƙo, zai buƙaci wani tsarin da ya fi wannan, ko aƙalla mutum guda da aikinsa ke nan. Kafin ma ka saka mahaɗin a shafinka, ka kunna Vérification en deux étapes ka zaɓi lambobin sirri shida, kuma ka tabbata layin da sunanka aka yi masa rajista, don in ya ɓata ka iya karɓo shi.