Mai lamba ko mai hannu huɗu: agogon da zai riƙe maka lokacin Zariya kana Ingila

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu aikin jinya a Ingila, a watan Janairu zan tashi in sha Allahu, iyalina kuma za su zauna a Tudun Wada. Na shiga kasuwar Sabon Gari an nuna min agogo iri biyu masu nuna lokaci biyu: ɗaya mai lamba da sunayen garuruwa a ciki, ɗaya mai hannu da aka rubuta GMT a fuskarsa. Wanne ya fi, kuma yaya ake saita lokaci na biyun?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ƙanena, ya kai ka lafiya.

Kafin a zo kan agogon, ka riƙe wannan: lokacin Najeriya ba ya motsi. Awa ɗaya muke gaba da lokacin da duniya ke auna kanta da shi, wanda za ka gani a agogo an rubuta UTC ko GMT, kuma haka muke rani da damina. Ingila ce mai sauyawa. Idan ka sauka a Janairu za ka tarar suna bayanmu da awa ɗaya, ƙarfe 7:00 a Zariya ƙarfe 6:00 ne a Landan. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris sai su tura agogonsu gaba da awa ɗaya, ku zama daidai da gida, ba bambancin ko minti. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi baya. To agogon da zai yi maka shi ne wanda zai bar ka ka taɓa lokacin Ingila sau biyu a shekara ba tare da ka ɓata na gida ba. A kan wannan zan auna maka su biyun.

Bari in fara da mai lamba, irin Casio AE-1200WH da 'yan'uwansa, tunda shi ya fi yawa a hannun mutanenmu. Shi ba agogo biyu ba ne a ciki. Agogo ɗaya ne mai lissafi. Kai za ka gaya masa garin da kake da kuma ƙarfe nawa ne a garin, shi kuma ya lissafa maka na sauran garuruwan. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mutum zai sauka daga jirgi, ya ga agogon filin jirgi ya ce 6:00 nasa ya ce 7:00, sai kawai ya rage awa ɗaya ya bar sunan garin yadda yake. Babbar fuskar ta yi daidai, amma agogon yana nan yana zaton ba a bar gida ba, don haka duk garuruwan da ke cikinsa sun zame baya da awa ɗaya, har da wanda kake duba lokacin Zariya da shi. Abin yi shi ne ka fara sauya sunan garin zuwa LON, wato Landan, sannan ka duba awar, in tana buƙatar gyara ka gyara.

Yanzu za ka nemi Najeriya a jerin garuruwan, kuma ba za ka same ta ba. A wannan samfurin babu Legas, babu Abuja, balle Kano. Ka zaɓi PAR, wato Paris, don ita ma awa ɗaya take gaba da UTC kamar mu. Amma akwai sharaɗi: a PAR ɗin nan ka bar DST a kan OFF har abada. DST shi ne ƙarin awa ɗayan nan na lokacin zafinsu, kuma a wannan agogon kowane gari da nasa, da hannu ake kunnawa. Idan Maris ya zo, na LON kaɗai za ka mayar ON. Mutanen Paris na gaskiya su ma za su tura agogonsu gaba a ranar, amma kai ba Paris kake nema ba, sunanta ka ara ka lulluɓa wa Zariya.

Ni wannan ya taɓa kama ni. Shekarar farko da na yi a waje, da aka sauya lokaci sai na ce ai Turai duk ta sauya, na bi na kunna wa garuruwan biyu. Washegari na duba, agogo ya ce 5:40 na asuba a gida, na ce yanzu Hajiya ta idar da salla tana kan darduma, bari in gaishe ta kafin in fita. Ashe 4:40 ne. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka, muryarta na rawa, ba sallama ba komai sai "Lafiya? Wa ya rasu?" Sai da na yi ta rantsuwa cewa gaisuwa ce kawai.

Gwajin da zai raba ka da irin wannan ba ya cin minti ɗaya. A jerin garuruwan akwai UTC. Ka duba shi, ka duba PAR. In PAR ya fi UTC da awa ɗaya cif, saitin garin ya yi. In ya fi shi da biyu, DST a kunne yake. Daga nan ka tambayi uwargida ƙarfe nawa agogon bangon falo ya ce. In ya saɓa da PAR ɗinka alhali tazarar UTC daidai take, to babbar fuskar ce aka saita a kan garin da ba shi ba.

Shi kuma mai hannu, abin da ya bambanta shi da agogon da muka saba shi ne hannu na huɗu, yawanci mai kan kibiya da launi daban. Hannun awa na yau da kullum yana zagaya fuska sau biyu a yini, wannan kuwa sau ɗaya yake zagayawa a awa 24, kuma ba a karanta shi da lambobin 1 zuwa 12. Da lambobin zoben da ke kewaye da gilashi ake karanta shi, waɗanda suka kai 24. Asalinsa don matuƙan jirgin sama aka yi shi, Rolex ta fitar da irinsa a tsakiyar shekarun 1950. Kyansa shi ne kallo ɗaya ya isa, ba danna komai, ga na Landan ga na gida, kuma ka san dare ne ko rana. Kuskurensa na farko shi ma a nan yake: ƙarfe 7:00 na dare a kan 19 ake ɗora kibiyar, ba a kan 7 ba. Minti kuwa hannu ɗaya suke rabawa.

Sai dai GMT ɗin nan iri-iri ne, kuma mai shago ba lallai ya gaya maka ba. Ka karɓa a hannunka, ka jawo maɓallin gefen nan da ake murzawa, taki ɗaya kawai, ka murza ka ga wane hannu zai yi tsalle.

In hannun awa ne ya yi tsalle awa-awa, kibiyar ta tsaya cak, hannun sakan kuma yana ta tafiyarsa, to ka samu na matafiya. Kibiyar za ka saita a kan lokacin Zariya sau ɗaya ka manta da ita. Ka sauka Landan, tsalle ɗaya baya. Maris, tsalle ɗaya gaba. Shi ke nan. Wannan shi ne ya dace da kai, amma shi ne mai tsada.

In kuma kibiyar ce ta yi tsalle, irin na Seiko 5 Sports GMT, to wannan an yi shi ne don mai zaune a gida yana bibiyar lokacin wata ƙasa. Wato ya fi dacewa da Baba ko uwargida da za su riƙa neman ka. Kai ma zai yi maka aiki, amma da ɗan wahala. Duk sanda Ingila ta sauya lokaci sai ka jawo maɓallin har ƙarshe, agogon ya tsaya, ka murza hannuwan zuwa sabuwar awa. Kibiyar za ta bi su ta bar wurinta. Sai ka mayar da maɓallin taki ɗaya ka dawo da ita kan awar gida. Wanda ya manta mataki na biyun nan ya koma gidan jiya, irin nawa da Hajiya. A takin nan kuma murzawa ta ɗaya ɓangaren kwanan wata take sauyawa, kuma ba a son a taɓa kwanan wata daga wajen 9:00 na dare zuwa 3:00 na asuba, lokacin da haƙoran cikin suke tsakiyar juya shi da kansu.

Akwai na uku, wanda na fi zargin shi aka nuna maka in kuɗin bai yi yawa ba: ba hannun da ke tsalle, kibiyar a ɗaure take da hannun awa. In zoben yana juyawa, da sauran amfani, sai ka juya shi har lambar awar gida ta zo daidai bakin kibiyar. In zoben ma ba ya juyawa, ado ne kawai, ajiye masa kayansa.

Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, kowanne ka saya, za ka ga lokutan biyu sun zama ɗaya. Ba lalacewa ya yi ba. Amma kada hakan ya ruɗe ka a kan salla. A watan Yuni ana kiran magariba a Zariya kafin 7:00, a Landan kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan 9:00, a Disamba kuma tun kafin 4:00 na yamma ta faɗi. Agogon awa yake ba ka, jadawalin masallacin unguwarku shi zai ba ka lokacin salla.

Ni dai a matsayinka mai lamba zan saya. Kuɗinsa bai kai rabin na GMT na gaske ba, yana da ƙararrawa da fitila don aikin dare, batirinsa na shekaru ne, ga shi ba ya gudu ko jinkiri kamar agogon da ake yi wa wani. Abu ɗaya za ka lura da shi: asibitocin Ingila ba sa barin ma'aikacin jinya ya ɗaura komai a wuyan hannu yana kan marasa lafiya, saboda wanke hannu. Kowanne ka saya, a aljihu zai yi yawancin aikinsa, abin da ya ƙara sa ban ga dalilin zuba kuɗi a mai tsada ba.

Ga sauran 'yan'uwa masu karatu: mai zuwa Saudiyya JED zai zaɓa, awa biyu gaba da mu, mai zuwa Dubai DXB, awa uku, kuma dukansu ba sa sauya lokaci, don haka kowane iri zai yi musu. Ɗalibanmu masu tafiya Indiya su ne ba su da zaɓi sosai. Indiya awa huɗu da rabi take gaba da mu, hannun GMT kuwa awa cikakkiya yake tsallakewa, ba ya sanin rabi. Su nemi mai lamba, su zaɓi DEL.

Kafin ka biya, ka sa mai shagon ya nuna maka UTC da PAR a gabanka, ka ga DST yana kunnuwa yana mutuwa a kowane gari daban. Jabun Casio sun cika kasuwa, wasu taswirar duniyar da ke fuskarsu fenti ce kawai.