Wata huɗu ina kwasar faifan biki da rsync: ga abin da na gani

Sana'ata ɗaukar bidiyo da hotunan bukukuwa, kuma duk mai wannan aiki ya san yadda faya-fayai ke taruwa. Bayan babbar sallah na tarar foldar aikina ta kai gigabayit 380 a kan laftof, ina son in mayar da ita kan tsohuwar kwamfutar shago da na ɗora wa Linux don ajiya. Da farko hanyar da kowa ya sani na bi, na ja foldar na sake ta a can ta kan waifai. Gudun bai wuce megabayit 10 a daƙiƙa ba, wato sama da awa goma. A awa ta shida wuta ta ɗauke, na'urar waifai ta mutu, aikin ya tsaya. Abin haushin shi ne ban san wanne fayil ya isa lafiya, wanne ya tafi rabi ba.

Ƙanena ne ya ce, "Yaya, wannan ai aikin rsync ne." Tsohuwar manhaja ce, Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fito da ita a 1996, kyauta ce, kuma ba ta da maɓallin latsawa, rubuta mata umarni ake yi. Ga wanda nake amfani da shi har yau:

```
rsync -avhP bukukuwa/ ajiya@192.168.1.20:/ajiya/bukukuwa/
```

A umarnin, `ajiya` na farko sunana ne a kwamfutar shago, lambobin kuma adireshinta ne a netwok. Dole akwai rsync a kwamfutocin biyu, kuma ta kan `ssh` take bi, wato hanyar shiga wata kwamfutar daga nesa, don haka sai kana iya shiga ɗaya kwamfutar da sunanka da kalmar sirri.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ba ta maimaita aikin da aka riga aka yi. Kafin ta aika fayil takan duba girmansa da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe a ɓangarorin biyu. In sun yi daidai, sai ta tsallake. Saboda haka in aiki ya katse, umarnin nan dai za ka sake bugawa, ta ɗora daga inda aka tsaya. A nan ne `-a` yake da muhimmanci. Harafi ɗaya ne amma a madadin `-rlptgoD` yake: shiga cikin kowace ƙaramar folda, riƙe mahaɗan faya-fayai yadda suke, riƙe izini, da lokacin gyara, da rukuni, da mai fayil. A cikinsu `t` ne ƙashin bayan lamarin. In ba a riƙe lokacin ba, gobe rsync za ta ga kwanan wata ya bambanta, ta sake bin kowane fayil kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Shi kuwa sunan mai fayil ba ya tafiya sai in a can ɗin da ikon `root`, wato asusun da ke da iko da komai a kwamfutar, kake aiki. Ni bai dame ni ba, tunda ni kaɗai ke taɓa kwamfutar.

`-v` yana jero sunayen abin da ake aikawa, `-h` kuma yana rubuta girma yadda mutum zai karanta ba dogayen lambobi ba. Nan babu wani dogon bayani.

`-P` shi ne mai buƙatar natsuwa. Abu biyu ne a haɗe, `--progress` mai nuna inda aka kai, da `--partial` mai hana a zubar da fayil ɗin da ya tafi rabi. Ina da bidiyon wani kamu mai gigabayit 22. Layi ya yanke ana kusan 15. Da na sake bugawa, ta ɗan ɗauki lokaci tana karanta abin da ya riga ya isa tana gwada shi da na asali, sannan ta aika ragowar kawai. Amma akwai iyaka, kuma sai da na ƙone na gane. Lokacin aikawa, rsync tana rubutu ne a wani ɓoyayyen fayil mai ɗigo a farkon sunansa. In layi ne ya yanke, mai karɓa tana da damar adana rabin. In kuwa ita mai karɓar ce wuta ta kashe farat ɗaya, ba ta samu wannan damar ba: ɓoyayyen fayil ɗin zai zauna yana cin wuri, wancan bidiyon kuma a faro shi daga farko. Da `ls -a` na gano guda biyu irinsu na share. Wani abin lura kuma, rabin fayil da `--partial` ya adana yana ɗauke da cikakken sunansa, sai ka zaci ya kammala. Shi ya sa ba na yarda aiki ya ƙare sai na sake buga umarnin na ga bai aika komai ba.

Kusan kowa zai ce maka ka ƙara `-z` don a matse bayanai a hanya. Ga rubutu da takardu yana da amfani, musamman in da datarka kake aikawa. Ga `mp4` da `jpg` kuwa ɓata lokaci ne, domin a matse suke tun asali. Abin da ya taimake ni da gaske igiya ce. Da na haɗa kwamfutocin da igiyar netwok mai gigabit, gudun ya haura kusan megabayit 100 a daƙiƙa, aikin awa goma ya koma awa ɗaya da 'yan mintuna.

Ƙorafina mafi girma a kan ɗan karkataccen layin nan ne na ƙarshen sunan folda. `bukukuwa/` na nufin abin da ke cikin foldar, `bukukuwa` kuma na nufin foldar kanta da kayanta. Ranar da na manta shi, sai ta ƙirƙiro `/ajiya/bukukuwa/bukukuwa` ta fara kwafe komai sabo, ba tare da ta ce uffan ba. Wannan asarar lokaci ce kawai. Haɗarin yana zuwa ne in an haɗa da `--delete`, wanda ke share duk abin da yake can amma babu shi a nan, don ɓangarorin su zama iri ɗaya. Wata rana cikin gaggawa na rubuta haka:

```
rsync -avn --delete bukukuwa/ ajiya@192.168.1.20:/ajiya/
```

Allah ya taimake ni da `-n` a ciki, wato gwaji, ta faɗi abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Sai ga layuka suna gangarowa, kowanne ya fara da `deleting`, a gabansa hotunan suna da na walimar shekaru uku. Na ce mata ne ta mayar da `/ajiya/` gaba ɗaya daidai da cikin `bukukuwa/`, ita kuma ta ɗauki maganata yadda na faɗa. Ba ta tambayar ko ka tabbata, kuma abin da ta share ba ya zuwa kwandon shara. A ganina wannan rashin tausayi ne ga sabon shiga, kuma shi ne dalilin da ba zan miƙa wa yaron shagona ita ba tukuna.

Kafin in share ainihin faya-fayan daga laftof, nakan yi zagaye na ƙarshe da `-avnc`. Shi `-c` ba ya yarda da girma da lokaci, sai ya karanta kowane fayil a ɓangarorin biyu ya gwada cikinsu. Yana da nauyi, a gigabayit 380 ɗin nan ya ci fiye da awa ɗaya, don haka ba na kullum ba ne. In ya gama bai jero sunan fayil ko ɗaya ba, sannan nake share na laftof.