Na biya kuɗi an gyara min saƙon neman shaidar biya: ga yadda muka kwashe

Kayan kicin nake sayarwa a Kano, tukwane da kuloli da filas da dinasa, kuma yawancin masu sayen kayana iyaye mata ne masu tara wa 'ya'yansu kayan aure kaɗan-kaɗan. Kowace tana da shafinta a littafina, duk abin da ta turo in rubuta mata, in ya cika a kai mata kayanta. Kafin ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 hannu da hannu muke yi, in karɓa in rubuta a gabanta. Tun daga lokacin kowa ya koma tiransifa, kuma daga nan ne littafina da asusuna na banki suka daina magana da murya ɗaya.

Wata matashiya ce da ta karanta akanta take yi wa ƙananan 'yan kasuwa aikin daidaita lissafi, wata ƙawata ta haɗa ni da ita. Cikin abubuwan da take yi har da gyara saƙonnin da muke tura wa kwastomomi. Da farko na raina wannan ɓangaren. Na ce a raina, saƙo ne kuma sai an biya wani ya rubuta min? Yau wata huɗu ke nan ina amfani da abin da ta gyara, shi ya sa na ga ya dace in faɗi inda ya yi amfani da inda ya gaza.

Tsohon saƙona gajere ne: "Salam, a turo shaidar biya don Allah, in ba a turo ba ba zan rubuta ba." Da ta karanta sai ta tambaye ni, "Anti, in sun turo ɗin, me kike dubawa a ciki?" Na ce kuɗin mana. Ta ce to mu buɗe bayanin asusun watan jiya mu gani ko kuɗin kaɗai ya isa.

Ranar 28 ga watan, bayan an yi albashi, naira dubu ashirin da biyar ta shigo sau uku. Ta farko da sunan wani namiji da ban taɓa ji ba. Ta biyu da sunan wani shagon POS. Ta uku da sunan mace, amma ina da mata biyu a littafi masu wannan sunan na farko, kuma ɗayarsu ma da sunan 'yarta nake kiranta. A wayata kuwa hotuna biyu ne kacal: ɗaya an yanke shi, ba a ganin komai sai alamar kore da kalmar Successful da adadin kuɗin, ɗayan kuma hoton takardar POS ce da aka ɗauka da daddare, rabin rubutun ya dushe. Kwana uku na yi ina kiran mutane kafin na gane na wane da wane ne, kuma a ciki na tambayi wata Hajiya daga Zariya ko ta tabbata ta biya. Ta biya, mijinta ne ya tura daga asusunsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce shekara nawa muna tare yau zan tuhume ta.

Abin da yarinyar nan ta nuna min shi ne laifin ba na Hajiya ba ne, na saƙona ne. Na ce a turo "shaida", kowa kuma ya turo abin da yake ganin shaida ce. Ga wanda ya biya, shaida ita ce abin da ke nuna kuɗi sun fita daga hannunsa. Ni kuma abin da nake bukata shi ne abin da zan nemo da shi a jerin kuɗin da suka shigo, wato sunan da ke kan asusun da aka turo daga ciki, da adadin, da rana da lokaci, sannan sunan wadda za a rubuta wa a littafi. Sunan mai asusu da sunan mai shafi su ne suke yawan bambanta, kuma tsohon saƙona bai taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ga kuma barazanar da na liƙa a ƙarshe, wadda ke sa mutum ya ji kamar ana zarginsa tun kafin ya buɗe baki.

Rubutunta na farko ban karɓa ba. Ya yi tsawo, ya kusan cika fuskar waya, kuma Hausarsa irin ta sanarwar banki ce, "muna masu sanar da abokan hulɗarmu masu daraja". Na ce mata, "Ƙanwata, matan nan da nake hulɗa da su wasu sun haife ni, ba za su karanta wannan ba, za su kira ni ne su ce me kike cewa." Ba ta yi gardama ba. Muka zauna muka yi ta yanka har ya dawo haka:

"Assalamu alaikum Hajiya, an gode Allah ya saka da alheri. Don in rubuta kuɗin a shafinki yau ba tare da ya haɗu da na wata ba, a taimaka min da hoton rasit ɗin gaba ɗaya, daga sama har ƙasa. In daga asusun wani aka turo, ko ta wurin mai POS, a rubuto min sunan da ke kan asusun da kamar ƙarfe nawa aka tura. Da na gani zan turo miki sabon jimillarki."

Kowace gaɓa a ciki tana da aikinta, kuma sai da na yi amfani da shi na gane. Godiyar da aka fara da ita tana nuna na yarda ta biya, ba tuhuma nake ba. Dalilin da aka bayar, kada kuɗinta ya haɗu da na wata, amfaninta ne ita, shi ya sa take hanzarin amsawa. "Daga sama har ƙasa" shi ya kashe min matsalar yankakken hoto, domin sunan mai turawa da lokaci da lambar cinikin galibi suna ƙasan rasit ne, inda mutane ke yankewa. Alkawarin turo sabon jimilla kuwa ya ɗora min nauyi, amma shi ne ya fi komai jawo amsa, don kowace mai tari tana son ta ga lissafinta ya motsa.

Ta kuma sa min shi a cikin Quick replies na WhatsApp Business, ta yadda in na danna alamar / sai ya fito in zaɓa, ba sai na sake rubutawa ba. Na yi guda biyu, na Hajiya da na Alhaji, saboda "shafinki" da "shafinka". Ƙaramin abu ne, amma tura wa dattijo saƙo da "ki" abin kunya ne da ba ya gogewa.

Wani abu da na koya a wurinta wanda ban sani ba sam shi ne Session ID. Tiransifar da ake yi daga wani banki zuwa wani galibi tana bi ta tsarin tura kuɗi nan take da ake kira NIP, na kamfanin NIBSS mai haɗa bankunan Najeriya, kuma kowace tana da wannan lamba mai tsawon lambobi 30 wadda ba ta maimaituwa. In mutum ya ce an cire masa kuɗi ni kuma ban gani ba, wannan lambar ce banki zai nema don ya bi sawun kuɗin. Ita ta so a sa ta cikin saƙon kowa da kowa. Ni na ƙi, kuma har yanzu ina ganin ni ce da gaskiya. A cikin biya goma, tara suna daidaituwa da suna da lokaci kawai, to me zai sa in wahalar da tsohuwa da kwafo lambobi talatin? Muka ware shi a saƙo na biyu, wanda nake turawa sai in kuɗi ba su shigo ba: "Hajiya, har yanzu bai iso wurina ba, wataƙila yana hanya. A duba ƙasan rasit ɗin akwai wata doguwar lamba da aka rubuta Session ID, a turo min ita mu bibiya tare." Sau biyu na yi amfani da shi. A ɗaya kuɗin sun shigo da yamma, a ɗayan kuma sun koma wa mai su.

Ta ja min kunne a kan abu guda da nake yi ba daidai ba. Da ina ganin hoto nake rubutawa a littafi. Ta ce hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana iya gyara shi a waya, haka ma saƙon alat ana iya ƙirƙirarsa. Aikin hoton shi ne ya nuna min inda zan duba, hukunci kuma sai na buɗe manhajar bankina na ga kuɗin da idona. Yanzu haka nake yi ko da 'yar uwata ce ta turo.

Inda aikinta ya gaza kuwa, ba ta yi tunanin masu ƙaramar waya ba. Mai tura kuɗi da lambobin USSD ba ta da wani rasit da za ta ɗauki hotonsa, saƙon tes na cire kuɗi kawai take samu, wani lokacin ma ya makara. Satin farko wata baiwar Allah ta kira ni a rikice tana cewa ita ba ta da hoto, ko kuɗinta sun ɓata ke nan? Ni na ƙara layi da kaina cewa in babu rasit, suna da adadi da lokaci sun wadatar. Haka kuma wasu daga cikin matan ba sa karanta boko sosai, don haka na ɗauki saƙon da muryata, nake tura musu shi a haka. Wannan ma ba ta kawo shi ba, ga alama ta fi sabawa da masu sayar wa 'yan jami'a kaya. Shawarar da ta ba ni ta a riƙa rubuta lambar shafi a gurbin Narration lokacin turawa ita ma ba ta kama ba. Mutum biyu ko uku ne suka yi, mai POS kuwa da layi a gabansa ba zai tsaya rubuta maka wata lamba ba.

Kuɗin aikinta bai kai ribar dinasa biyu ba, kuma ta dawo sau ɗaya bayan wata guda ta duba ko abin yana tafiya, ba ta ƙara caji ba. Ga mai sayar da abu ɗaya a karɓi kuɗi a rabu, ban ga dole sai ya biya wani ba, ya kwafi irin saƙon da ke sama ya gyara da bakinsa. Ga mai riƙe da shafukan mutane da yawa masu biyan kuɗi iri ɗaya a rana ɗaya, kamar masu adashe ko makarantun Islamiyya masu karɓar kuɗin wata, zaman da muka yi muna duba bayanin asusu tare ya fi saƙon kansa daraja, don a nan ne na ga abin da ya kamata in tambaya.

Ƙarshen watan da ya wuce dubu ashirin da biyar ta sake shigowa sau huɗu a yini ɗaya. Kafin la'asar na rubuta uku. Ta huɗun Hajiyar Zariya ce, ta turo hoton cikakke, ta kuma rubuta a ƙasa cewa daga asusun Alhaji ne, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata.